Mai gini ya ƙara hayar shago da kashi 40 cikin ɗari: yaya za a rubuta masa wasiƙar neman ragi da tayin shekara uku?

Nura:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman a duba mini wasiƙa kafin in aika. Hayar shagon shekara-shekara ake yin ta, wa'adin bana zai ƙare 31 ga Disamba, kuma mai ginin ya aiko cewa daga Janairu ya ƙara kashi 40 cikin ɗari. Don lissafi ya yi sauƙi mu ce hayar yanzu 100 ce, yana neman 140. Ga abin da na rubuta:

"Ranka ya daɗe, na samu saƙon ƙarin haya. Gaskiya ƙarin ya yi yawa, kasuwa babu ciniki, kuma ka san ba ni da inda zan koma. Ina roƙon ka bar kuɗin yadda yake, ni kuma zan sa hannu a kan shekara uku maimakon ɗaya. Ina fatan za ka tausaya."

Me za a gyara?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Malam Nura, kada ka aika wannan. A layi huɗu ka faɗa masa abu biyu da za su cuce ka. Ka ce babu ciniki, wanda zai sa ya fara tunanin ko za ka iya biyan haya ma nan gaba, alhali kana neman ya ɗaure kansa da kai shekara uku. Sannan ka ce ba ka da inda za ka koma. Mutumin da ya san ba za ka tashi ba, me zai sa ya rage maka ko kashi ɗaya?

Amma babbar matsalar tana cikin tayin kansa. Kana ɗaukar shekara uku a matsayin abin da kake ba shi, shi kuwa zai gan ta a matsayin abin da kake karɓa. A lokacin da farashi ke hawa, dogon wa'adi a kan kuɗi ɗaya ɗan haya yake amfana, domin an kulle masa farashi. Ka nemi a bar kuɗin a 100 kuma a kulle shi shekara uku, wato buƙata biyu ka kawo, ba ka miƙa komai ba. Dogon wa'adi yana zama tayi ne idan ƙari yana cikinsa, a rubuce, shekara bayan shekara.

Isiyaku:
Ni ban ga dalilin wasiƙar lallashi ba. Ba shi da ikon ƙara kashi 40 lokaci guda. Ka daina biya har sai ya sauko, in ya matsa ku je kotu, ai doka tana kare mai iyali daga a watsa masa kaya waje.

Hajiya Binta:
Malam Isiyaku, shago ake magana a kai, ba gidan kwana ba. A wurare da yawa kariyar da doka ke ba ɗan hayar gida ba ta kai ga wurin kasuwanci yadda take, kuma inda ta kai sharuɗɗan sun bambanta. Sannan mutumin nan bai ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi ba. Wa'adi ne zai ƙare, ya faɗi farashin sabo. Idan tsohuwar takarda ba ta ƙayyade yadda za a yi ƙari ba, kuma babu dokar wurin da ta sa iyaka, magana ta koma ciniki. Daina biya kuwa shi ne abin da zai fi saurin raunana Nura, don yanzu ƙarfinsa ɗaya ne: shi ɗan haya ne da ba a bin sa bashi.

Nura, kafin komai ɗauko tsohuwar yarjejeniyar ka karanta mana abu biyu. Akwai wurin da aka yi maganar sabuntawa ko ƙarin haya? Kuma wata nawa aka ce kowane ɓangare ya ba da notis?

Nura:
Na duba, Hajiya. Babu maganar ƙari ko sabuntawa. An dai rubuta cewa wanda ba ya son ci gaba ya sanar wata biyu kafin ƙarewar wa'adi.

Hajiya Binta:
To ranar da za ka riƙe a kai ita ce 31 ga Oktoba, ba ƙarshen Disamba ba. Wasiƙar ta isa hannunsa a farkon Oktoba, ka nemi amsa kafin tsakiyar watan, don ka samu sauran mako biyu na yanke shawara ko za ka ba da notis. Wanda ya bari sai Disamba ya fara rubutu ya riga ya rasa damar tashi cikin tsari, kuma mai ginin ya san haka.

Malam Habu:
Madalla. Yanzu lissafin da ya kamata wasiƙar ta tsaya a kansa. Maimakon 140 nan take, ka yi tayin hawa mataki-mataki: 115 a shekarar farko, 127 a ta biyu, 140 a ta uku. Jimla 382. Da ya samu 140 sau uku, 420 zai karɓa. Ke nan abin da kake nema ya bari 38 ne a cikin shekara uku, kuma a ƙarshe ya isa kan farashin da ya faɗa da bakinsa, bai ji an kayar da shi ba.

Me zai sa ya bar 38 ɗin? Haya 140 a shekara tana nufin kusan 11.7 a wata. Idan ka tashi shagon ya zauna a rufe wata uku kafin sabon mutum ya shiga, 35 ta tafi. Ka ɗora fenti, gyaran ƙofa da makullai, da la'adar dillali idan shi ne mai biya. Sannan sabon ɗan haya ba a san halinsa wajen biya ba. Wannan shi ne abin da kake sayar masa: shekara uku babu ranar da shagon zai zauna babu kuɗi.

Sai dai kada ka rubuta lissafin nan kamar kana yi masa barazana. Jimla ɗaya ta isa, cewa tsarin zai tabbatar masa da haya wata 36 a jere ba tare da neman sabon ɗan haya ba. Shi zai ƙarasa lissafin a kansa.

Alhaji Garba:
Malam Habu, lissafinka daidai ne amma rabinsa ka kawo. Bari in faɗi yadda mai gini ke kallon takardar. Ka ɗauka 140 za ta tsaya shekara uku, shi kuwa ba haka yake gani ba. Yana ganin in ya ci gaba da yin shekara-shekara, kuma haya a layin tana hawa da kashi 20 duk shekara, zai karɓi 140, sai 168, sai kusan 202. Jimla 510 ke nan. A idonsa ba 38 aka ce ya bari ba, 128 ce. Wata uku a rufe ba ta cike wannan.

Kuma wata ukun ma ba ko'ina ba ne. Akwai layin da in an kwashe kaya da safe, kafin la'asar mutum uku sun zo tambaya. A irin wannan wurin maganar shago zai zauna a rufe dariya za ta ba shi. Saboda haka kafin a zaɓi lamba, Nura ya taka da ƙafarsa ya ga shaguna nawa ne a rufe a kusa, tun yaushe, kuma nawa waɗanda suka shiga kwanan nan suka biya. Ba abin da dillali ke nema ba, abin da aka biya aka karɓi rasit.

Malam Habu:
Na yarda da wannan, Alhaji. Idan sababbin shiga 140 suke biya ko fiye, to farashin kasuwa ya faɗa, kuma abin da Nura zai iya samu shi ne sassauci wajen hawa, ba ragi ba. Idan kuwa 120 suke biya, 140 farashin buɗe ciniki ne.

Nura:
Na tambaya. Shaguna biyu masu girman nawa sun samu sababbin 'yan haya a bana, ɗaya a kan 125, ɗaya 130. Akwai wani a ƙarshen layi da ke rufe tun kusan wata huɗu, amma shi yana lungu.

Alhaji Garba:
To ka bar na lungun, kada ka ambace shi. Zai ce maka nasa a bakin hanya yake, kuma gaskiyarsa. Biyun nan su ne hujjarka, amma ka lura hujjar tana yanka ta ɓangare biyu: ta nuna 140 ta yi sama, ta kuma nuna 115 ta yi ƙasa. Ni da zan ba ka shawara, ka buɗe da 115 ɗin in kana so, amma ka san a ranka cewa wajen 120 zuwa 125 za a tsaya. Ka rubuta wa kanka iyakar da ba za ka wuce ba, misali 120, 135, 150, jimla 405, ka ajiye ta a aljihu, ba a cikin wasiƙa ba.

Sani:
Ni a ganina duk wannan doguwar hanya ce. Mai gini kuɗi a hannu yake so. Ka ce za ka biya shekara biyu gaba ɗaya, za ka ga ya sauko nan take. Ba abin da ke rufe ciniki kamar wannan.

Hajiya Binta:
Yana rufe ciniki kam, Sani, musamman in mai ginin yana da wani aiki da yake son kuɗi dominsa. Amma sai an auna tsadarsa. Kuɗin shekara ta biyu, 127, jari ne da za a cire daga kan kanta a miƙa shekara guda kafin lokacinsa. In jarin Nura yana kawo masa ribar kashi 25 cikin ɗari a shekara, ajiye 127 a hannun wani ya ci masa kusan 32. Idan ragin da ya samu saboda biyan bai kai haka ba, ya yi asara yana murna. Ga kuma shagon da kayansa suka ragu a daidai lokacin da hayarsa ta ƙaru.

Abu na biyu, kuɗin da ya riga ya fita shi ne mafi wuyar dawowa. In gobara ta tashi, ko aka sayar da ginin, ko hukuma ta rushe gaban layin, kai ne za ka koma bin mutum. Wanda zai biya gaba lallai ne a rubuta masa cewa in hayar ta katse ba da laifinsa ba, za a mayar masa da kuɗin watannin da bai ci ba cikin kwana kaza.

Akwai tsaka-tsaki: ka yi alkawarin biyan kowace shekara wata guda kafin ta fara. Kai bai ci maka komai sosai ba, shi kuwa ya huta da bin haya.

Sani:
Na ji, Hajiya, amma ba kowane jari ke kawo kashi 25 ba. Wanda kuɗinsa ke zaune kawai, farashi na cinye shi, gara ya biya gaba ya kulle haya.

Hajiya Binta:
Wannan gaskiya ne. In kuɗin a ajiye suke ba sa juyawa, lissafin ya canza. Shi Nura ya san nasa.

Malam Habu:
Akwai abin da ya fi biyan gaba araha kuma yake da nauyi a idon mai gini, wato gyara. Malam Nura, akwai abin da ya lalace a shagon wanda a ƙa'ida nasa ne?

Nura:
Rufin yana yoyo ta kusurwar baya, silin ya yi baƙi ya fara lotsawa. Kafinta ya ce kwano huɗu da katako biyu za a canza, da allon silin, kusan 18 a wannan lissafin namu.

Malam Habu:
To ga abin miƙawa. Ka ce za ka yi gyaran da kuɗinka ba tare da ka cire daga haya ba. Yanzu abin da yake samu ya zama 382 da 18, wato 400, tazarar da ke tsakaninku da 420 ta koma 20, ba ta kai hayar wata biyu ba. Kai kuma dama ruwan kayanka yake ɓatawa.

Amma a nan ake yawan samun rigima, don haka a rubuta shi da kyau. Kada ka ce "zan ɗauki nauyin gyare-gyare". Wannan jimlar za ta iya sa in bango ya tsage ko wayarin ginin ya ƙone a ce naka ne. Ka ambaci aikin da sunansa: rufin kusurwar baya da silin da ke ƙarƙashinsa, sau ɗaya, bisa takardar kiyasin kafinta da za ka haɗa da wasiƙar. Ka ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa, ka ajiye rasit. Kuma kada a buga ƙusa ɗaya sai an sa hannu a sabuwar yarjejeniya. Wanda ya gyara rufi kafin sa hannu ya ƙara wa shagon daraja ne don a ba wani haya.

Barista Hadiza:
Na karanta daga sama. Zan ƙara a kan yadda ake rubuta lambobin, domin nan ne wasiƙu masu kyau ke lalacewa. Kada a rubuta "ƙarin kashi 10 cikin ɗari duk shekara" a tsaya. Kashi 10 na me? In na kuɗin asali ne, bayan 115 sai 125 sai 135. In na shekarar da ta gabata ne, sai 126.5 sai 139.15. Kowa zai karanta wanda ya fi masa. A rubuta kuɗin kowace shekara da lamba da kuma kalmomi, tare da ranar farawa da ranar ƙarewa. A kuma faɗi abin da kuɗin ya ƙunsa. Yakan faru a daidaita kan haya, bayan wata biyu a kawo takardar kuɗin gadi, shara da wuta ta ninka, ragin da aka samu ya fita ta wata ƙofar.

Sai wasiƙar kanta. Tayi ce, kuma in ya rubuto "na amince", a wurare da yawa ana iya cewa ciniki ya ƙullu a kan abin da ke cikinta kaɗai, ba tare da sauran sharuɗɗan da ba ka kai ga faɗa ba. Don haka a sa jimla ɗaya cewa babu abin da ya hau kan kowa sai an rubuta cikakkiyar yarjejeniya an sa hannu. Haka kuma kada ka biya 140 "kafin a gama magana". Biyan sabon farashi ba tare da wata takarda ba ana iya ɗaukarsa a matsayin ka yarda da shi.

Game da tsawon wa'adi, dokokin ƙasashe sun bambanta, amma da yawa suna da iyakar da in haya ta wuce ta sai an yi mata takarda ta musamman ko rajista. A Ingila, misali, hayar da ta wuce shekara uku sai da irin wannan takardar, wadda ta wuce shekara bakwai kuma sai an yi mata rajista. Shi ya sa kafin wani ya ce a mai da ukun ta zama biyar, a tambayi lauyan wurin abin da hakan zai jawo na kuɗi da takardu, da wanda zai biya.

Nura:
Na gode, Barista. Saƙon ƙarin ta hannun wakilinsa ya zo. Wa zan rubuta wa?

Barista Hadiza:
Ka rubuta da sunan wanda ke kan tsohuwar yarjejeniya a matsayin mai gini, ka ba wakilin kwafi. Kada ka tsallake wakilin, zai iya ɓata maka magana, amma kada ka tsaya a kansa. Wakilin da aka ba ikon karɓar haya ba lallai ne yana da ikon ɗaure ginin shekara uku ba, kuma in la'adarsa kaso ce daga kuɗin haya ko daga shigar sabon mutum, ragi ba ya cikin amfaninsa. Ranar sa hannu, ko dai mai ginin da kansa, ko wakili ya nuna takardar wakilci. In ginin na magada ne, a tabbatar wanda ya sa hannu yana da yardar sauran a rubuce. Ka buga kwafi biyu na wasiƙar, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka.

Hajiya Binta:
Akwai abin da har yanzu ba a taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Kowa yana maganar yadda za a ɗaure mai gini, amma shekara ukun Nura ma take ɗaurewa. In a wata na 14 aka rufe hanyar gaban shagon don aiki, ko ciniki ya mutu, ana bin sa hayar sauran wata 22. Dole wasiƙar ta nemi ƙofar fita: bayan wata 18 yana iya tashi da notis na wata uku. Ko kuma a ba shi damar miƙa hayar ga wani ɗan kasuwa da amincewar mai gini, kuma kada a hana amincewar ba tare da dalili ba.

Alhaji Garba:
Hajiya, a nan ba mu tare. Abin da aka ce ana sayar wa mai gini shi ne wata 36 babu yankewa. In ka sa ƙofar fita a wata 18, abin da ka sayar masa wata 21 ne, amma shi ka ɗaure shi 36. Kuma duba yadda matakan suke: ɗan haya ya ci shekarar 115, ya ci yawancin ta 127, ya fita kafin ta 140 ta zo. Duk mai ginin da ya iya lissafi zai ga wannan.

Hajiya Binta:
Sai a sa wa fitar farashi, Alhaji. In ya fita da wuri ya biya hayar wata biyu a matsayin diyya, gyaran rufin kuma ya riga ya zama na mai gini.

Alhaji Garba:
Wata biyu a kan 127 kusan 21 ce. Ragin da ya ci a shekarar farko kaɗai, in an auna da 140, ya kai 25. Ni da wata uku zan nema, ko kuma in ce ni ma a ba ni irin ƙofar.

Barista Hadiza:
Wannan na ƙarshen shi ne abin da Nura zai guje wa. In mai gini ma yana iya katsewa a wata 18, dogon wa'adin ya rasa amfaninsa, domin ranar da haya ta tashi a layin zai yi amfani da ƙofar. Gara a biya diyya mai nauyi da a ba da ƙofa biyu. Ni miƙa haya ga wani ya fi kwanta mini, don ba ya rage wa mai gini ko wata ɗaya, sai dai a rubuta ƙarara cewa bayan miƙawa ba a bin Nura bashin wanda ya gaje shi.

Malam Habu:
Shawarata kada a cusa duk wannan a wasiƙar farko. In ta wuce shafi ɗaya, ta cika da sharuɗɗa, mutumin zai ji kamar sammaci aka aiko masa. A ambace su a layi ɗaya a matsayin abubuwan da za a tattauna. Malam Nura, gwada sake rubutawa mu gani.

Nura:
Ga shi:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonka cewa hayar shago mai lamba kaza za ta koma 140 daga 1 ga Janairu. Na fahimci cewa tsadar abubuwa ta shafi kowa, kuma ban ƙi a yi ƙari ba. Ina son ci gaba da zama a shagon, kuma kamar yadda rasit ɗinmu suka nuna, ban taɓa jinkirta haya ba.

Shaguna biyu masu girman wannan a layinmu an ba da su haya a bana a kan 125 da 130. Bisa haka nake kawo wannan tayi: a yi yarjejeniyar shekara uku daga 1 ga Janairu, a kan 115 a shekarar farko, 127 a ta biyu, 140 a ta uku. Zan riƙa biyan kowace shekara wata guda kafin ta fara. Zan kuma gyara rufin kusurwar baya da silinsa da kuɗina, bisa kiyasin da na haɗa da wannan takarda, bayan an sa hannu, ba tare da na cire daga haya ba. Wannan zai tabbatar maka da haya wata 36 a jere.

Ina so mu tattauna sharaɗin miƙa haya ko fita kafin wa'adi, da matsayin yarjejeniyar idan ginin ya canza hannu. Wannan wasiƙa tayi ce, ba ta hau kan kowa ba sai an rubuta yarjejeniya mun sa hannu. Zan ji daɗin samun amsa kafin 15 ga Oktoba, kuma a shirye nake in zo mu zauna duk ranar da ta yi maka."

Alhaji Garba:
Wannan za a karanta ta har ƙarshe. Abu ɗaya: ka kawo 125 da 130 a matsayin hujja, layi na gaba ka ce 115. Zai tsaya a nan. Ka haɗa su da kanka kafin ya tambaya. 382 da gyaran 18 in an raba uku ya haura 133 a shekara, wato sama da abin da maƙwabtan suka biya. Ka rubuta wannan jimlar.

Malam Habu:
Ƙarin Alhaji ya yi kyau, ko da yake mai ginin zai iya cewa maƙwabtan na bana kaɗai suka biya, baɗi za a ƙara musu. In ya faɗi haka, amsar ita ce a bar shekara biyun farko a ƙayyade, ta ukun a ce za a duba farashin layin a lokacin, amma ƙarin ba zai wuce kashi 20 a kan na shekara ta biyu ba. A kan 127 iyakar ta zama kusan 152. Kada ka yarda da "za a sake dubawa" babu iyaka, don wannan hayar shekara biyu ce aka kira ta uku.

Barista Hadiza:
A irin wannan sharaɗin a kuma rubuta abin da zai faru in ba ku daidaita ba a shekara ta uku: wa zai ƙiyasta, kuma nawa za a ci gaba da biya kafin a gama. Sannan "ban taɓa jinkirta haya ba" ka tabbatar haka ne a rasit, don in akwai wata guda da ya makara, shi wakilin zai fara ɗaukowa. Maganar ginin ya canza hannu kuma, a yarjejeniyar a rubuta cewa tana bin duk wanda ya saya ko ya gada. Ko hakan zai ɗaure mai saye ya danganta da dokar wurin da kuma rajista, shi ne abin da za ka tambayi lauyan da zai rubuta muku.

Isiyaku:
To in ya ƙi duka, ya ce 140 ko a ba shi makullinsa fa?

Hajiya Binta:
Sai Nura ya auna 140 da kuɗin tashi: ɗaukar kaya, sababbin kantoci da allon suna, la'ada da kafin alƙalami a sabon wuri, kwanakin da shago zai yi a rufe, da kwastomomin da ba za su bi shi ba. In ya samu wuri a kan 128, bambancin 12 ne a shekara, kuma da wuya tashi ya tsaya a 12. A nan zai fi masa ya karɓi 140 amma ya nemi a kulle ta shekara biyu, ya kuma janye tayin gyaran rufi, tunda dama na mai gini ne. Lissafin nan ya yi shi kafin 31 ga Oktoba, yana da wani shagon da ya riga ya gani da idonsa ya ji farashinsa.

Nura:
Zan ƙara jimlar Alhaji, in aika ranar Litinin. Maganar diyya, wata biyu ko uku, na bar ta sai mun zauna da shi.

Alhaji Garba:
In kun zauna, bar shi ya fara faɗin nasa adadin. Kuma ka tafi da takardar kafintan ta asali, ba hotonta a waya ba.